Pano mai fuska biyu a kan rairayin Gamu: ko ƙarin wutar ya kai ƙarin kuɗin?

Duk wanda ya taɓa ratsa karkarar Gamu, cikin gundumar Gure ta jihar Damagaram, da tsakar rana a watan Afrilu, ya san rana biyu ke dukan mutum a can: ɗaya daga sama, ɗaya daga ƙasa. Rairayin kan maido haske har sai ido ya ƙanƙance. Wannan hasken na ƙasa shi ne masu saida kayan sola ke tallatawa a yau. Tun da Nijeriya ta katse wa ƙasarmu kuran a watan Agusta na 2023, kasuwar pano ta buɗe, kuma ga wani iri ana ce masa mai fuska biyu, ko bifasiyal, wanda bayansa ma ke shan haske ya ba da wuta. Kuɗinsa ya ɗara na pano mai fuska guda. Tambayar ɗan kasuwa ita ce: riba ce, ko kuwa daɗin bakin mai talla?

Abin ba sabo ba ne. Kamfanin Isofoton na ƙasar Spaniya ya ƙera irinsa tun shekarun 1980, har aka kafa wasu a wani ƙauyen Senegal. Abin da ya sake shi ne farashi, wanda ya sauko har ya kusanci na sauran.

Abubuwa uku ke yanke yawan ƙarin da bayan pano zai bayar. Na farko shi ne hasken da ƙasa ke maidowa, wanda masana ke kira albedo. Busasshen rairayi mai haske kan maido kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, alhali baƙar ƙasa ba ta kai rabin haka ba. Na biyu shi ne ƙarfin bayan panon kansa, domin baya bai kai gaba ba: a irin da ake kira PERC yana kama wajen kashi 70 cikin 100 na ƙarfin gaba, a irin TOPCon wajen kashi 80. Na uku shi ne tsawon ƙafar da aka ɗora shi, saboda pano na jefa inuwarsa a kan ƙasar da yake jiran haske daga gare ta.

In muka ɗauki rairayi mai maido kashi 35, da baya mai ƙarfin kashi 70, lissafi zai ba mu kusan kashi 25. Amma inuwa da ƙarafan da ke tare baya kan cinye rabi ko fiye. Saboda haka mai hankali zai sa ransa ga kashi 10 ne, in an ɗaga panon kamar mita guda daga ƙasa, an karkata shi wajen digiri 15 yana kallon kudu. Wanda kuwa ya manna shi a kan rufin kwano, tazarar taƙi ɗaya, ya sayi fuska biyu ya rufe guda da hannunsa. Abin da zai samu bai taka kara ya karya ba.

To bari mu yi lissafin kasuwa. Farashin da za mu sa misali ne kawai, kowa ya musanya shi da wanda aka faɗa masa a kanti. A ce wani mai garka a Gamu yana son pano 8, kowane mai wat 550, don pompon foraj ɗinsa, jimla wat 4.400. A ce mai fuska guda jika 60 ne, mai fuska biyu jika 65. Bambancin pano takwas ya zama jika 40, kuma da su ya sayi ƙarin wuta kashi 10. Kenan kowane kashi ɗaya ya tsaya masa jika 4.

Amma akwai wata hanya da mai talla ba ya ambatawa: a sayi pano na tara mai fuska guda. Shi zai ƙara kashi 12 da rabi. Kuɗinsa jika 60, a ce ƙarfe da waya jika 15, jimla 75, watau jika 6 kowane kashi. A nan mai fuska biyu ya ci. Sai dai in da can mai garkar ya yi niyyar kafa panonsa ƙasa-ƙasa, yanzu kuma dole ya ƙara jika 50 na dogayen ƙafafu da siminti don iska kada ta tumɓuke su, kuɗin ya koma jika 90, kowane kashi jika 9. Ga shi pano na tara ya fi araha. Ashe ƙarfe ne ke yanke hukunci, ba panon ba. A ƙauyukan da dama ake ɗaga pano don gudun awaki da tudun rairayin da iska ke tarawa, an riga an biya kuɗin tsawo, ƙarin wutar kuwa ya zo da sauƙi.

Saura tambaya guda: wa zai sha ƙarin? Pompon da ke cika shato yana maida ƙarin wuta ƙarin ruwa, muddin shaton bai cika ba, kuma rijiyar na iya bayarwa. Amma ma'aikacin da batirin gidansa ke cika tun kafin azahar, duk abin da ya ƙaru bayan nan zubewa yake yi. Haka kuma in regilater ko ondiler ya riga ya kai iyakarsa, zai datse ƙarin. A tuna bayan pano amper yake ƙarawa, ba bolt ba: panon da ke ba da wajen amper 14 zai iya haura 15, don haka waya da fiyus su zama masu ɗaukar wannan nauyi.

Ƙasa ma ba ta zama iri ɗaya duk shekara. Da damina ciyawa na rufe rairayi, hasken ya ragu, sai an riƙa nome ƙarƙashin panon. Da hunturu ƙura na kwanciya, a goge gaba a goge baya. Kada a maida inuwar wurin ajiyar buhuna ko turken tumaki, domin taki na baƙanta ƙasa. Yawancin irin wannan pano gilashi ne gaba da baya, ya fi nauyi da 'yan kilo, yana kuma son lallaɓawa a mota daga Damagaram zuwa Gamu.

Kafin a biya, a duba takardar da ke jikin panon. Wat ɗin da aka rubuta a matsayin ƙarfinsa na gaba ne. In mai kanti ya faɗi adadin da ya fi shi, ya haɗa da ƙarin da ba a samu ba tukuna. Bayan an kafa kuma, gwajin ba shi da wuya. Da tsakar rana, sama tas, teknisiye ya cire pano guda daga layi ya auna amper ɗinsa, sa'an nan ya rufe bayansa da kwali ya sake aunawa nan take. In ya samu 14,3 a buɗe, 13 a rufe, ƙarin kashi 10 ne. In bai wuce kashi 3 ko 4 ba, a duba tsawon ƙafa, da ƙarfen da ya gitta baya, da launin ƙasar.

Shawararmu ga mai saye ita ce ya nemi farashi biyu a rubuce, kowane da kuɗin ƙarfensa da na kafawa: na pano takwas masu fuska biyu, da na tara masu fuska guda. Ya raba ƙarin kuɗin da ƙarin kashin, ya ɗauki wanda ya fi sauƙi. Gani ya kori ji.