Hangen tudu daga Gamkalley ba hawansa ba ne

A fadar shayin unguwarmu ta Gamkalley, duk ranar da aka tayar da zancen fita yawon tuddan da ke ƙetaren kogin Isa, magana ɗaya ce ke rufe bakin kowa: "Kilomita nawa ne? Shida kawai? Ai wannan ba tafiya ba ce." Masu faɗin haka suna da hujja, kuma ina ganin girmansu. Cikinsu akwai mai zuwa Babbar Kasuwa a ƙasa ya dawo bai ko yi haki ba, akwai wanda ya taso yana bin shanu tun hantsi har almuru. Tuddanmu kuma ba duwatsun Ayar ba ne. Daga bakin kogi zuwa saman tudu, hawan bai cika mita 100 ba. Duk da haka ina roƙon a yi mini uzuri in saɓa musu. Kilomita ba ita ce ma'aunin hanyar daji ba. Da lokaci ake auna ta: awa nawa za ta ci wa wanda ya fi kowa rauni a ayari, kuma awa nawa suka rage kafin rana ta faɗi.

Na koyi wannan ne a wani watan Disamba. Mu tara muka shirya zuwa wajen tuddan nan uku da ake kira Trois Sœurs. Bayan la'asar muka hau babura, muka ƙetare gadar Sin da Nijar wadda aka buɗe a 2011, muka sauka inda hanyar mota ta ƙare da ƙarfe 4:45. Zagayen da muka tsara kilomita shida ne. Wani ƙanenmu ɗalibi ya yi lissafi da ƙa'idar da wani mai hawan duwatsu ɗan ƙasar Sikotilan, William Naismith, ya kawo a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita biyar, a ƙara awa ɗaya ga kowane hawa na mita 600. Lissafi ya ba shi minti 80 ko kusa da haka, ya ce tun kafin a kira magariba muna kan babura. Ƙa'idar ba ta yi ƙarya ba, sai dai an gina ta ne a kan mutum mai ƙarfi, a ƙasa mai tauri, ba tare da hutu ba. Mu kuwa ko ɗaya daga cikin ukun nan ba mu cika ba.

Ƙasar ce ta fara ƙaryata mu. Kilomita biyun farko cikin busasshiyar ƙorama muka yi su, yashi na haɗiye ƙafa har idon sawu, duk taku sai rabinsa ya koma baya. Wannan kaɗai ya ci kusan minti 50. Da muka kai gindin tudu sai ga marmara da ta farfashe ta zama tsakuwa mai gangarawa ƙarƙashin takalmi. Mutum biyu silifa suka sa, ɗaya ta tsinke tun ba a kai rabi ba. Hawa da sauka a wannan kilomita guda sun ɗauki fiye da rabin awa, kuma saukar ta fi hawan wuya, domin a nan ne gwiwa ke rawa, ƙafa ke zamewa. Sauran kilomita ukun a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa suke, suka ci minti 45. Aka ƙara minti 20 na shan ruwa da cire ƙarangiya daga ƙafar wando. Jimla kusan awa biyu da rabi. Don haka mai zaɓen hanya ya daina tambayar tsawonta kawai. Ya tambayi wanda ya bi ta kwanan nan: ina yashi yake, ina tsakuwa, ina ake sauka, akwai kwazazzabon da sai an kewaye shi? Ya raba hanyar gida-gida, ya ba kowane gida lokacinsa.

Sai batun rana. Mutane na cewa a ƙasarmu dare da yini kusan ɗaya suke, to me za a lissafa? Gaskiya ne bambancin ba shi da yawa: yinin Yamai a Disamba wajen awa 11 da minti 20 ne, a Yuni kuma yana kusan awa 13. Amma a tsakiyar Disamba rana na faɗuwa kusan 6:30, kuma hasken da ke biyo bayanta bai wuce minti ashirin da ƴan kai ba. In akwai hazon hunturu ma, tun kafin nan ido ke kasa rarrabe rami da inuwa. Mun fara tafiya muna da minti 100 na rana, alhali hanyar na bukatar 145. Tun a kan babur muka ci bashin da ba za mu iya biya ba. Abin da ya kamata shi ne a ware minti 30 a ajiye don abin da ba a zata ba, a raba saura biyu. Da mun yi haka, ƙarfe 5:20 ne lokacin juyawarmu, ko an kai sama ko ba a kai ba. Wannan lokaci tun a gida ake yanke shi, domin a gindin tudu babu mai son a ce shi ne ya karaya.

Na uku shi ne mutanen da kansu. A ayarinmu akwai kawun wani abokinmu, mai shekara hamsin da wani abu, tela ne da ke yini a zaune gaban keke. Muna cikin yashi na lura ya daina hira. Na ce, "Kawu, mu ɗan tsaya?" Ya ce, "A'a ɗana, mu je," amma kalma huɗun nan sai da ya ja numfashi a tsakaninsu. Wannan ita ce alamar da ba ta yaudara. Wanda ba ya iya kammala magana ba tare da haki ba, gudun ya fi ƙarfinsa, ko da bakinsa ya musa. Kunya ke hana babba faɗa, don haka nauyin lura na kan jagora. A sa mai rauni a gaba ko na biyu, mai ƙarfi ya tsare baya, gudun ayari ya zama nasa. Tun kafin ranar kuma a tambayi kowa a keɓe: yaushe rabonka da tafiyar awa biyu a ƙasa, kana da ciwon gwiwa, hawan jini ko ciwon suga?

Wani zai ce to a fita da rana tsaka mana, a huta da fargabar duhu. A hunturu akwai dama. A Afrilu da Mayu kuwa, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, yinin ya fi tsawo amma abin da ake iya tafiya a cikinsa ya fi gajarta: daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 10. Kowa ya riƙe ruwan da bai gaza rabin lita ba ga kowace awa. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya alamu ne na a tsaya a inuwa a juya gida. Wanda ya fara ruɗewa a magana kuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa a gaggauta kai shi asibiti. Da damina a guji cikin ƙorama, domin ruwan da aka yi a nesa kan cika ta alhali samanku fes. Kafin a fita bayan gari a tambayi halin tsaro, a kuma bar wa wani a gida sunan wurin da lokacin dawowa.

Ranar nan ta Disamba sai bayan ƙarfe bakwai muka iso wurin babura, da fitilar waya, muna riƙe da Kawu mutum biyu, an yi magariba ba mu yi ba. Bayan mako biyu muka koma hanyar nan, mu taran. Muka fara da ƙarfe 7:15 na safe, kowa da rufaffen takalmi, Kawu a gaba yana ba mu labarin Gamkalley ta zamanin ƙuruciyarsa. Kafin goma mun sauko. Kilomita shidan nan ne dai, ba su ragu da taku ɗaya ba. Daga sama ranar muka ga kogi a shimfiɗe da lambunan bakinsa, Kawu ya miƙa hannu yana nuna mana wajen majemar unguwarmu.