Taƙaitattun Sunaye A Rediyo: Yadda Ake Faɗinsu Kada Mai Sauraro Ya Ɓace

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk ɗan Arewa da ke zaune a Agege ko Sabon Ibadan ya san yadda ake kasa kunne ga rediyo domin jin labarin gida. Amma sau da yawa mai karanta labari zai jero haruffan Turanci uku ko huɗu, kafin ya kai jimla ta biyu mai sauraro ya rasa wa ake nufi. Mai karanta jarida yana iya komawa baya ya duba, amma maganar rediyo in ta wuce ta wuce.

Babu inda wannan matsala ta fi fitowa fili kamar labarin Abuja. A shekarar 1976 Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa yankin Babban Birnin Tarayya, watau FCT, tare da Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya, FCDA, wadda aka ɗora wa aikin tsara birnin da gina shi. A ƙarshen 2004 kuma aka rushe ma'aikatar birnin, aka kafa Hukumar Gudanar da Babban Birnin Tarayya, FCTA, wadda ke riƙe da mulkin yankin baki ɗaya. A takarda bambancinsu a fili yake. A baki kuwa, ɗaya "ef-si-di-e" ce, ɗaya "ef-si-ti-e". Tsakanin "di" da "ti" kaɗai bambancin yake, ga kuma ƙarar janareto ko hayaniyar kasuwa.

A ɗauki misali, a ce an rubuta wa mai karatu haka: "FCTA ta umurci FCDA ta gyara wata hanya a AMAC. FCDA ta ce za ta fara aiki gobe." Wanda ya ji wannan ba zai iya cewa ga mai umurni ga mai aiki ba, har yana iya zaton hukuma ɗaya ce take umurtar kanta.

Gyaran farko shi ne a fara da aikin hukumar da Hausa, sa'an nan haruffa su biyo baya sau ɗaya tak. Sai labarin ya koma: "Hukumar da ke mulkin Abuja ta umurci hukumar gina birnin, watau FCDA, ta gyara wata hanya a cikin gari. Hukumar ginin ta ce za ta fara aiki gobe." A nan an zubar da haruffa biyu cikin uku, labarin kuwa bai rasa kome ba. A jimla ta biyu an kira ta da aikinta, domin kunne ya fi riƙe "hukumar gini" bisa ga haruffa. Idan sunan ba zai sake fitowa a labarin ba, to, ba a ma bukatar haruffan.

Na biyu, marubuci ya san cewa taƙaitattun sunaye iri biyu ne. Akwai waɗanda ake faɗi kamar kalma: AMAC, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na yankin, "Amak" ake cewa, hukumar zaɓe INEC kuwa "Ainek". Akwai kuma waɗanda ba su furtuwa sai harafi-harafi, irin su FCDA. Wajibi ne a rubuta lafazin a takardar mai karatu yadda zai faɗe shi, da ɗan layi tsakanin haruffa, don kada ya tsaya yana in-ina a gaban makirufo. Waɗanda aka taƙaita don rubutu kawai, kamar MDD, ba a karanta su da haruffa ko kaɗan, sai dai a ce Majalisar Ɗinkin Duniya.

Na uku, a tambayi kai: wa ke saurare? Sunan da ya shiga bakin jama'a ba ya bukatar bayani. Hukumar lantarki ta NEPA ta koma PHCN a 2005, a 2013 kuma aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni, amma har yau "Nefa" mutane ke cewa. Mutumin Garki ya san AEDC domin yana ganinta a takardar kuɗin wuta. Mazaunin Ikko kuwa wasu kamfanoni ne ke ba shi wuta, saboda haka shi sai an ce masa kamfanin rarraba lantarki na Abuja. Haka nan ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma mai hedkwata a Abuja: ɗan Nijeriya ya san ta da ECOWAS, ɗan Maraɗi da Damagaram kuwa CEDEAO ya sani, ya kan ce "Sedeyawo". Shi ya sa gidajen rediyon da ake ji a ƙasashen biyu su kan ambaci duka biyun.

Gwajin rubutu ba shi da wuya. Kafin a shiga ɗakin watsa labari, a karanta wa wani da bai ga takardar ba jimloli biyun farko da ƙarfi, sa'an nan a tambaye shi wa ya yi me. In ya amsa daidai, rubutu ya yi. In kuwa ya ce "wace hukuma ke nan?", to, a koma a rage haruffa.