Ƙarancin Jini Ga Mai Ciki: Abin Da Ke Kawo Shi, Alamominsa Da Abincin Da Ke Taimakawa

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, a shafin lafiya na wannan fitowar mun ɗauko ƙarancin jini ga mata masu juna biyu. Kusan kowannenmu yana da uwa, ko yaya, ko gwaggo, ko matar yaya da ke ɗauke da ciki, kuma sau da yawa mu ake aika kasuwa cefane, mu ake ba katin awo mu karanta. Abin da muke so mu fahimta shi ne, jini ba ya haɗuwa a kwana ɗaya. Idan an gano ƙarancinsa da wuri, gyaransa yana da sauƙi da araha. Idan aka bari sai ana gab da haihuwa, yana iya cin rai.

Mene ne ƙarancin jini?

A cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi, a cikinsu kuma akwai wani sinadari da ake kira haimogulobin. Shi ne ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai wa kowace gaɓa, har da jaririn da ke cikin mahaifa. Jiki ba ya iya haɗa haimogulobin sai da sinadarin ƙarfe, wanda ma'aikatan asibiti ke kira ayon. Saboda haka idan aka ce mace ba ta da jini, ana nufin haimogulobin ɗinta ne ya ragu, har jinin ya kasa kai isasshiyar iska inda ake buƙata.

A asibiti ana ɗiban ɗan jini a auna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka: mai cikin da haimogulobin ɗinta bai kai giram 11 a kowace desilita ba a wata uku na farko ko na ƙarshe, ko giram 10.5 a wata uku na tsakiya, tana da ƙarancin jini, idan kuma ya gaza giram 7, ya yi tsanani. A asibitocinmu da yawa za mu ga an rubuta PCV a katin awo, wato kaso nawa cikin ɗari na jinin ne jajayen ƙwayoyi. Giram 11 ya yi daidai da wajen kashi 33.

Me ya sa ya fi kama masu ciki?

Dalili na farko shi ne cikin da kansa. Jinin mai ciki yana ƙaruwa don ya wadaci ita da jaririn, amma ruwan jinin ya fi jajayen ƙwayoyin saurin ƙaruwa, sai jinin ya ɗan tsinke, kamar kunun da aka ƙara wa ruwa. Ga shi kuma jariri da mabiyiya suna jan nasu rabon ƙarfen. Daga farkon ciki zuwa haihuwa, jiki yana buƙatar kimanin miligiram 1,000 na sinadarin ƙarfe, kuma mata da yawa suna shiga ciki ba su da ajiyar da ta kai ko rabin haka. Wannan ya fi faruwa ga wadda ke haihuwa a kusa-kusa, don jikinta bai gama mayar da abin da ya kashe a cikin baya ba, da kuma yarinyar da ta yi ciki ita ma ba ta gama girma ba.

Dalili na biyu shi ne zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar cutar tana shiga jajayen ƙwayoyin jini ta fasa su. Ga mai ciki tana iya laɓewa a mabiyiya tana ɓarna, matar kuwa ba ta jin zazzaɓi ko kaɗan. Akwai kuma wata tsutsar ciki da ke shiga ta fatar ƙafa idan ana yawo ba takalmi a ƙasar da ake bayan gida, ta maƙale a hanji tana tsotsar jini kaɗan-kaɗan. Sai kuma masu ciwon sikila, waɗanda nasu ƙarancin jinin daban ne. Su kada su sha ƙwayar ƙarfe sai likita ya auna ya ce su sha.

Alamomin da za mu lura da su

Ƙarancin jini yana shigowa a hankali, kuma alamominsa na farko sun yi kama da laulayi, shi ya sa ake raina su. Mace za ta riƙa jin kasala ko bayan ta yi barci, ga jiri idan ta miƙe tsaye, ga ciwon kai. Aikin da ta saba yi ba wahala, kamar shara ko jan ruwa a rijiya, sai ya sa ta haki, zuciyarta tana bugawa da sauri. Wata kuma takan yi ta sha'awar cin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara, wanda sau da yawa alama ce ta ƙarancin sinadarin ƙarfe.

Akwai dubawar da kowa zai iya yi a gida, a waje mai haske. A ja fatar ido ta ƙasa a hankali a duba cikinta, a duba harshe, da tafin hannu, da farce. Ga mai isasshen jini za a gan su da ja-ja, ga marar jini kuwa sun ɗashe sun yi fari. Amma wannan dubawar sai abin ya yi nisa take nunawa. Mace tana iya samun ƙarancin jini idonta bai canza ba, don haka ba ta maye gurbin gwajin asibiti.

Idan kuwa mai ciki tana haki alhali tana zaune, ko ba ta iya kwanciya sai an tokare ta da filo, ko ta suma, ko ƙirjinta na ciwo, ko jini na zuba, to a kai ta asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne, ba a jiran ranar awo.

Ina haɗarin yake?

Kowace haihuwa ana zubar da jini. A haihuwar da ta zo da sauƙi yakan kai kusan rabin lita, wato kamar ledar fiya-wata guda. Mai isasshen jini tana jure wannan. Wadda ta shiga naƙuda da jini kaɗan kuwa, wannan ɗin ma yana iya galabaitar da ita, balle a ce jinin ya ɓalle. Jaririn ma yana iya zuwa bakwaini, ko ya zo ƙarami marar nauyi.

Mu ɗauki misali. Mace ta je awo cikinta na da sati 20, aka auna aka samu giram 8. Idan ƙarancin ƙarfe ne, kuma tana shan magani kullum, jinin yakan hau da kimanin giram ɗaya cikin sati biyu zuwa huɗu. Tana buƙatar giram uku kafin ta kai 11, wato sati shida zuwa sha biyu. Ciki kuwa sati 40 ne, ke nan tana da isasshen lokaci. Yanzu mu ce ba ta je ba sai a sati na 37, aka samu wannan giram 8 ɗin. Saura sati uku, ƙwaya ba za ta cike giɓin ba, sai dai likita ya duba ko za a ba ta ƙarfen ta jijiya, ko a tanadi jinin da za a ƙara mata. Mace ɗaya ce, awo ɗaya ne, bambancin kawai lokacin da ta je.

Abincin da ke taimakawa

Ƙarfen abinci iri biyu ne. Na jikin dabba, wato nama, kifi da kaza, shi ne hanji ya fi saurin tsotsa. Hanta tana da shi sosai, amma mai ciki ta ci kaɗan, kuma ba kullum ba, musamman a watannin farko, domin bitamin A da ke cikinta idan ya yi yawa yana iya cutar da jariri. Na biyu shi ne na tsirrai: wake, waken suya, gero, riɗi, daddawa, da ganyaye irin su zogale, alayyahu da kuka. Wannan ya fi araha, sai dai jiki ba ya tsotsar mai yawa daga cikinsa.

Akwai dabaru biyu da ke ƙara amfaninsa. Ta farko, a haɗa shi da abu mai bitamin C a zama ɗaya: a sa ɗanyen tumatir a kwaɗon zogale a matsa lemon tsami, ko a sha lemon zaƙi ko gwaiba bayan an ci wake. Ɗan kifi ko tsokar nama a cikin miya ma yana taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfen ganyen. Ta biyu, a raba shayi da abinci. Ganyen shayi yana da wani sinadari da ke ɗaure ƙarfe a hanji, don haka a bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakaninsu.

Nan ne kuma mutane ke kuskure. Ana cewa maltina da madara suna ƙara jini, amma abin da ke sa a ji ƙarfi bayan an sha su sukari ne, madara kuwa kusan ba ta da ƙarfe. Haka ma jan launin zoɓo ko lemon kwalba ba shi ne jini ba.

Abinci kaɗai bai isa ba

Kofi ɗaya na dafaffen wake yana da ƙarfe wajen miligiram 4, kuma ɗan kaɗan ne daga ciki ke shiga jini. A watannin ƙarshe kuwa jikin mai ciki yana buƙatar ya tsotsi wajen miligiram 6 kullum. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta riƙa shan ƙwayar ƙarfe ta miligiram 30 zuwa 60 a rana, tare da folik asid. Su ne ƙwayoyin da ake bayarwa a wurin awo. A can ne kuma ake ba da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro bayan wata uku na farko, da tazarar wata guda tsakanin kowane sha, aƙalla sau uku, da maganin tsutsa idan ya kama. Kwana a gidan sauro kullum yana cikin maganin.

Mata da yawa suna ajiye ƙwayar saboda tashin zuciya ko taurin bayan gida, ko don sun ga bayan gidansu ya yi baƙi. Baƙin ba matsala ba ne, ragowar ƙarfen ne ke fita. Tashin zuciyar kuwa yakan ragu idan an sha bayan cin abinci ko dab da kwanciya, kuma idan ya ƙi, a faɗa wa ungozoma maimakon a daina. Maganar cewa ƙwayar tana sa jariri ya yi ƙaton da zai ƙi fitowa ba ta da tushe. A sha da ruwa, ban da shayi ko madara, kuma a ɓoye ta inda ƙannenmu ba za su kai hannu ba, don yaro ƙarami idan ya haɗiye da yawa tana zama guba.

Idan an yi wata guda ana shan magani aka sake aunawa jinin bai motsa ba, to akwai abin da ke cinye shi, ko zazzaɓi, ko tsutsa, ko wani ciwon, kuma aikin likita ne ya binciko. Don haka idan muka koma gida, mu tambayi mai cikin da ke gidanmu abu biyu: yaushe aka auna jininta, kuma nawa aka rubuta a katin.