An Canza Labari, Ranakun Aiki Sun Gusa: Abin da Takardar Manajan Fim Ke Ɗauke da Shi

Mai kallon fim a waya ko a talabijin yana ganin labari yana tafiya daga farko zuwa ƙarshe, sai ya ɗauka haka aka bi shi wajen ɗauka. Ba haka abin yake ba. Ana ɗaukar fim ne bisa wuri. Idan aka yi hayar gida, duk fitowar da ke faruwa a gidan a lokacin za a ɗauke ta, ko da ɗaya a farkon labari take, ɗaya kuma a ƙarshe. Jaruma na iya yin kukan mutuwar mijinta da safe, da yamma kuma a ɗauki ranar da ya fara zuwa zance wajenta. Wannan tsari shi ne ke rage kashe kuɗi, kuma shi ne dalilin da ya sa gyaran shafi biyu a rubutaccen labari ke iya hargitsa aikin mako guda.

Wanda nauyin sanar da ma'aikata ke kansa shi ne manajan shiri, wanda a Kannywood ake kira furodakshan manaja. Darakta ruwansa da yadda labari zai fito, furodusa ruwansa da kuɗi, shi kuwa manaja shi ke riƙe da ranaku, motoci, abinci, hayar kyamara da izinin shiga wurare. Da zarar an ce labarin da aka amince da shi ya canza, shi ne zai zauna da mataimakin darakta su warware jadawalin su sake ƙulla shi, sannan ya rubuta wa kowa takarda.

Dalilan canjin suna da yawa. Wani lokaci wanda ya zuba kuɗi ne ya ce ba ya son wata fitowa. Wani lokaci mai gida ne ya fasa ba da gidansa, ko jarumi ya kwanta rashin lafiya. A Kano kuma akwai Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, wadda aka kafa a 2001, kuma furodusan da ya hango cewa wata magana ko wata shiga ba za ta wuce tacewa ba, ya fi masa sauƙi ya gyara a takarda da ya ɗauka a zo a yanke. Fina-finai masu dogon zango, irin su Labarina da Izzar So, sun ƙara wani dalilin: tunda labari yana fita ne kashi-kashi, martanin masu kallo na iya sa marubuci ya sauya hanya ana tsaka da aiki.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi daki-daki. A ce an tsara ɗaukar wani zango cikin kwana shida. Litinin a shago cikin kasuwa, Talata da Laraba a falon gidan Alhaji, Alhamis a asibiti, Juma'a a kan titi cikin mota, Asabar a ɗakin amarya. A labarin da aka amince da shi, fitowa ta 14 ita ce inda Hajiya ta tsare ɗanta a falo da rana, ta gaya masa ba ta yarda da auren da zai yi ba. Shafi uku ne, mutum biyu, ɗaki ɗaya. Sai ranar Asabar kafin a fara aiki darakta da marubuci suka ga rigimar za ta fi zafi idan ta ɓarke a wurin kamu, da daddare, a gaban jama'a. Furodusa ya yarda.

A wajen marubuci aikin awa ɗaya ne. A wajen manaja kuwa, sai an sake lissafi tun daga tushe. Laraba a gidan Alhaji shafi biyar aka tsara, yanzu uku sun fita, saura biyu. Ba a biyan hayar gida na yini guda saboda shafi biyu, don haka za a cusa su cikin Talata, ta tashi daga shafi biyar zuwa bakwai. A al'adar rubutun fim ana ƙiyasta shafi ɗaya a matsayin kusan minti ɗaya a allo, amma ɗaukarsa na iya cin awa biyu, saboda sai an maimaita daga kusurwoyi daban-daban, an gyara haske, an jira hayaniyar unguwa ta lafa, an tsaya an yi salla. Ke nan Talata ta zama doguwar rana, kuma dole a gaya wa mutane tun da wuri.

Asibiti ba ya motsi, domin ranar Alhamis kaɗai aka ba da izini. Sai a jawo aikin titi daga Juma'a zuwa Laraba, a bar daren Juma'a domin kamu. Shi kuma kamun yana zuwa da nasa kayan: fitilu ƙari, janareta mai ƙarfi da doguwar waya don a ajiye shi nesa kada ƙararsa ta shiga sauti, kujeru, anko, da 'yan cika taro kamar talatin waɗanda za a ciyar, a kuma mayar da su gida cikin dare. Jarumar da ke fitowa a Hajiya an yi da ita Talata da Laraba ne, yanzu ana buƙatarta Talata da daren Juma'a. Idan ta riga ta karɓi wani aikin a ranar, dukkan lissafin ya rushe. Shi ya sa manajan da ya san aikinsa ba ya aika takarda sai ya kira ta a waya ya ji ta bakinta.

Akwai kuma abin da wanda ba ɗan sana'a ba zai manta da shi: lalle. Amarya a wurin kamu dole hannunta ya sha ƙunshi, kuma lalle ba ya fita a kwana ɗaya. Fitowar asibiti da ta cikin mota duk kafin biki suke a labari. Idan mai kwalliya ta yi wa jarumar ƙunshi ranar Laraba, to ranar Alhamis za a ga budurwa kwance a gadon asibiti da lallen aure, wata uku kafin a ɗaura. Masu kallon yanzu ba sa barin irin wannan ya wuce. Saboda haka ba za a sa lalle ba sai safiyar Juma'a, kuma wannan magana dole ta fito ƙarara a takardar.

Aikin dare yana cin gobe. Idan an tashi ƙarfe biyu, ba adalci ba ne a ce mutane su hallara ƙarfe bakwai, kuma direban da bai yi barci ba hatsari ne ga duk wanda ke motarsa. Sai a ɗaga kiran Asabar zuwa bayan Azahar, wanda ke nufin ɗakin amarya ba zai ƙare a ranar ba. Aikin kwana shida ya koma bakwai, da ƙarin hayar kyamara, abinci da sallamar ma'aikata na yini guda.

Ga yadda takarda mai amfani za ta kasance a irin wannan hali:

“Assalamu alaikum. Zuwa ga dukkan ma'aikata da jarumai. An yi gyara a labarin da ke hannunku, furodusa da darakta sun amince. An cire fitowa ta 14. An ƙara fitowa ta 21A, wurin kamu, waje, dare. An gyara maganganun fitowa ta 22. Sababbin shafukan suna haɗe, a yi watsi da tsofaffin. Litinin da Alhamis suna nan yadda suke. Talata za a gama da gidan Alhaji gaba ɗaya, a yi shirin kaiwa dare. Laraba titi da mota. Juma'a kamu, a hallara bayan La'asar. Asabar ɗakin amarya daga ƙarfe biyu na rana, a ƙarasa ranar Lahadi. Kada a yi wa amarya lalle kafin safiyar Juma'a. Za a biya kuɗin ranar Lahadi kamar sauran ranaku. Duk wanda sabon tsarin ya ci karo da wani aikinsa ya kira ni kafin Magariba yau. Wanda ya karanta ya amsa.”

A lura da lambobin. Ba a sake jera su ba don an cire ta 14. A ƙa'idar sana'ar, da zarar an kulle labari, lambar fitowa ba ta canzawa. Wadda aka cire ana barin lambarta a rubuta OMITTED a gabanta, wadda aka ƙara kuma sai ta ari lambar maƙwabciyarta da harafi. Dalilin a fili yake: mai kula da sutura ta riga ta rubuta cewa shuɗiyar shadda ta fitowa ta 30 ce, mai kula da kayan wasa ma haka. Idan 30 ta koma 29, kowa zai kawo abin da ba shi ba. A manyan kamfanonin Amurka har launin takarda ake canzawa, gyaran farko shuɗi, na biyu ruwan hoda, na uku rawaya, a kuma sa alamar * a gefen duk layin da aka taɓa. A nan, inda galibi ta WhatsApp labari ke yawo, ko kwanan wata da lambar gyara aka rubuta a saman kowane shafi sun wadatar.

Fitowa ta 22 kuma me ya kawo ta ciki? A tsohon rubutu ɗan yana ce wa mahaifiyarsa, “Maganar da kika faɗa min a falo.” Yanzu babu wannan zama na falo. Ta nan ake gane gyaran da aka yi cikin gaggawa: an cire fitowa, an bar maganganun da suka dogara da ita. Sau da yawa ba a farga sai a wajen mai haɗa hoto, lokacin da an riga an sallami jarumai an mayar da gida ga mai shi.

Ni a ganina, mafi munin takarda ita ce wadda ke cewa “an ɗan samu canji, za a sanar da ku.” Yawancin masu aikin fim ba albashin wata suke ɗauka ba, da rana ko da aiki ake biyansu, kuma mai haske da ya keɓe Laraba ya ƙi karɓar wani aikin saboda ita. Saƙon murya na minti shida ma bai fi ta ba, domin ba wanda zai iya komawa cikinsa ya nemo ƙarfe nawa aka ce. Haka nan takardar ba wurin ɗora laifi ba ce. Ko marubuci ne ya makara, ko mai kuɗi ne ya sauya ra'ayi, wannan maganar ofis ce. Abin da ma'aikaci ke nema ya sani shi ne inda zai je, da yaushe, da me zai riƙo, da kuma wa zai biya ƙarin ranar.

Ga wanda takardar ta iso hannunsa, kada ya tsaya a kan ranaku kawai. Ya buɗe sababbin shafukan, ya gwada su da jerin kayansa, ya goge tsohon labarin daga wayarsa, sannan ya amsa wa manaja a ranar, ko da kalma ɗaya ce.