Auna kuɗin kirifto da Bitcoin: yadda ake gane wanda ke kan gaba

Wanda ya sayi Ether, kuɗin Ethereum, a farkon Janairun 2023 ya biya kusan dala 1,200 kowane ɗaya. Zuwa ƙarshen 2024 farashin ya kai wajen dala 3,300. Idan ya duba asusunsa zai yi murna, don kuɗinsa ya kusa ninkawa uku. Amma a daidai wannan lokaci Bitcoin ya tashi daga kusan dala 16,500 zuwa wajen 93,000, wato ninki fiye da biyar. Da Bitcoin ya riƙe, da ribarsa ta ninka wadda ya samu fiye da sau biyu. Ga ɗan Najeriya da ke lissafi da naira ruɗin ya fi haka, domin faɗuwar darajar naira a shekarun nan ta sa komai ya yi kamar yana hawa.

Shi ya sa gogaggun 'yan kasuwar kirifto ba sa tsayawa ga farashin dala. Sukan auna kowane kuɗi da Bitcoin kansa. Lissafin ba wuya: a raba farashin kuɗin da na Bitcoin. A farkon 2023, Ether ɗaya na daidai da kusan 0.072 na Bitcoin; a ƙarshen 2024 ya koma kusan 0.036. Ya rasa rabin darajarsa ke nan, alhali a dala yana hawa. Solana kuwa ya fara daga wajen dala 10 ya kai kusan 190, wato daga 0.0006 na Bitcoin zuwa kusan 0.002. Ya ninka fiye da uku a kan Bitcoin ɗin kansa. Shi ne jagora a wannan zango.

Dalilin zaɓen Bitcoin a matsayin ma'auni shi ne yawancin sauran kuɗaɗen suna bin sawunsa: in ya hau su hau, in ya faɗi su faɗi fiye da shi. Tunda haɗarinsu ya fi nasa, babu hikima a riƙe su sai in suna biyan fiye da abin da shi yake biya.

Ba sai ka yi lissafin da hannu ba. A shafin TradingView, rubuta SOLBTC ko ETHBTC, taswirar farashin za ta fito. Idan kuɗin ba shi da ciniki sosai da Bitcoin kai tsaye, ka haɗa naka:

```
SOLUSDT/BTCUSDT
```

Sai ka mai da taswirar ta mako-mako, domin ta sa'a-sa'a hayaniya ce kawai. Abin da kake nema shi ne hawa irin na matakala: kowane ƙololuwa ya wuce na baya, kowane saukowa kuma ya tsaya sama da inda na baya ya tsaya. Da yawa sukan ƙara layin matsakaicin farashi na kwana 200. In taswirar na samansa, layin kuma na kallon sama, ƙarfin na nan. A ganina gwajin da ya fi faɗin gaskiya shi ne makon da Bitcoin ya faɗi. Kuɗin da ma'auninsa bai karye a irin wannan mako ba, akwai masu saye da ke tare masa. Ka jera kuɗi biyar ko shida a haka, ka ware waɗanda suka ci gwajin.

Akwai inda wannan hanya ke yaudara, kuma wajibi ne a san su kafin a sa kuɗi. Ma'aunin na iya hawa alhali kana asara: in Bitcoin ya faɗi da kashi 30 cikin 100, kuɗinka ya faɗi da 20, taswirar za ta nuna ƙarfi, aljihunka kuwa ya ragu. Don haka a duba ta dala tare da ita. Haka kuma hawan da labari ya jawo kan ƙare tare da labarin. Daga Yunin 2022 Ether ya yi ta hawa a kan Bitcoin, daga wajen 0.05 zuwa sama da 0.08, saboda ɗokin babban sauyin fasahar Ethereum na Satumba. Bayan sauyin, ma'aunin ya shiga saukowar da ta kai shi ƙasa da 0.02 a Afrilun 2025.

Mafi muni shi ne abin da taswira ba ta gani. LUNA, kuɗin Terra, yana cikin mafi ƙarfi a kan Bitcoin har zuwa Afrilun 2022, sannan a Mayu ya rushe kusan zuwa sifili cikin 'yan kwanaki, domin tubalin da aka gina shi a kai ba shi da ƙwari. Saboda haka tun kafin ka saya ka tsai da inda za ka fita, misali idan mako ya rufe ƙasa da saukowar baya a taswirar Bitcoin, kuma ka binciki wanda ke bayan kuɗin da yawan sabbin da ake shirin saki kasuwa.