Wanne Ya Riga Wani? Tambayar Jeranta Aukuwa a Jarrabawar Tarihi

A jarrabawar JAMB, ɗalibi yana amsa tambayoyi 180 cikin awa biyu, wato kowace tambaya na da daƙiƙa 40 ke nan. Cikin waɗanda suka fi cin lokacin ɗaliban tarihi akwai wadda ake zubo abubuwan da suka faru a hargitse, a ce a jera su daga na farko zuwa na ƙarshe.

Ga misali daga jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. An ba ka abu huɗu: faɗuwar Alƙalawa, hijira zuwa Gudu, kafa birnin Sakkwato, da yaƙin Tabkin Kwatto. Wanda ya haddace shekaru kawai zai cije, domin hijira da Tabkin Kwatto duk a 1804 suka auku. Abin da zai warware masa shi ne dalili. Sarkin Gobir Yunfa ya matsa wa jama'ar Shehu lamba, suka bar Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairu, a can aka yi wa Shehu mubaya'a. Sai bayan haka rundunar Gobir ta taso musu, aka gwabza a Tabkin Kwatto a watan Yuni. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ba ta faɗi ba sai 1808, kuma da aka gama da ita ne Muhammadu Bello ya samu sararin gina Sakkwato a 1809.

A zauren jarrabawa ba sai ka jera duka huɗun a kanka ba. Fara gano na farko, ka soke duk zaɓin da bai fara da hijira ba. Sannan ka gano na ƙarshe. Sau da yawa zaɓi ɗaya ko biyu ne za su rage, sai ka kashe sauran daƙiƙunka a kan na tsakiya.

Amma bin dalili shi kaɗai yana iya yaudara. Hankali zai ce daga nasarar Tabkin Kwatto sai cin Alƙalawa, alhali a tsakani masu jihadi sun yi babbar asara a Tsuntsuwa a ƙarshen 1804, sun kuma sha wuya a Alwasa a 1805. Don haka ana bukatar 'yan shekaru da aka riƙe gam, kamar turakun da ake ɗaure sauran labarin a jikinsu.

A takardar dogon bayani ta WAEC ko NECO kuwa, jerawa kaɗai ba ta wadatar. Ɗalibin da kowace jimlarsa ke farawa da "daga nan sai" lissafi yake yi, bai bayyana komai ba. Kafin ka fara rubutu, ɗauki minti biyu ka jera aukuwar a taƙaice, sannan tsakanin kowace biyu ka rubuta jimla guda da ke nuna yadda ta farko ta jawo ta biyu.