Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa manhajar tocila ba ta da abin yi da makirfo, balle ta san unguwar da kuke? Kunna fitila ne kawai aikinta. Duk da haka, wasu irinta sukan nemi izini, mu kuma mu danna "Allow" don mu wuce wurin.

Ana iya janye izinin. A wayar Android, a shiga Settings, a nemo Privacy, sai Permission manager. Sunayen kan ɗan bambanta daga waya zuwa waya. A taɓa Location, za a ga manhajojin da ke ƙarƙashin "Allowed all the time". Waɗannan suna iya bin sawunku ko da wayar tana cikin aljihu. Manhajar taswira ma "Allow only while using the app" ya ishe ta, ita kuwa tocila a ba ta "Don't allow". Haka za a bi Camera da Microphone. A iPhone, abin yana Privacy & Security.

Tun daga Android 12, ɗigon kore yakan bayyana a saman allo duk lokacin da ake amfani da kyamara ko makirfo. A iPhone, kore na kyamara ne, ruwan lemo na makirfo. In kun gan shi alhali ba kwa kira ko ɗaukar hoto, ku janyo saman allo ku duba wace manhaja ce.

Sai dai kada a yi wa kowa kuɗin goro. In aka hana WhatsApp makirfo, saƙon murya ba zai naɗu ba har sai an mayar mata da izinin.